Farin Tabon Baki a Jarirai da Masu Shaƙar Maganin Asma: Yadda Ake Maganinsa Har Ya Tafi

A ɗakin da nake duba marasa lafiya, mutum biyu ne suka fi kawo mini wannan ciwo. Akwai maijego da jaririnta a kafaɗa, tana cewa bakinsa ya yi fari kuma ya daina kama nono yadda ya saba. Akwai kuma babban mutum mai asma, wanda yake shaƙar inhela safe da dare, ya zo yana cewa bakinsa na zafi, abinci ba ɗanɗano, murya ta dishe. Tsakaninsu akwai shekaru hamsin, amma abin da ke damunsu ɗaya ne, wata ƙwayar fangas da ake kira kandida.

Kandida ba baƙuwa ba ce. Tana zaune a bakin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya ba tare da ta yi musu komai ba, domin garkuwar jiki da sauran ƙwayoyin da ke zaune a bakin suna taka mata birki. Jariri garkuwarsa ba ta gama ƙwari ba. Mai asma kuwa, sitiroyid, maganin rage kumburi da ke cikin inhelarsa, wanda ya kamata ya wuce huhu, wani kaso nasa yana sauka a harshe da maƙogwaro, ya kwantar da garkuwar wurin. Da zarar an samu wannan giɓi sai ta yaɗu, ta yi fari-fari kamar gudajin kindirmo.

Maganinta ba shi da wuya kuma ba shi da tsada. Duk da haka mutane suna dawowa sau biyu sau uku, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne daga cikin biyu: ko dai maganin bai zauna a kan tabon ba, ko kuma an bar abin da ya jawo ciwon yana nan.

Da farko a tabbatar shi ne

Ba duk farin da aka gani a bakin jariri ne ciwo ba. Yaron da ke shan nono zalla harshensa kan yi fari, kuma wannan ragowar nono ce kawai. Ga yadda za ki bambance. Ki wanke hannu da sabulu, ki naɗa tsumma mai laushi mai tsabta a ɗan yatsa, ki jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, ki shafa wurin sau ɗaya a hankali. Nono yana fita nan take ya bar harshe lafiyayye. Kandida tana manne, in kuma ta ɓamɓaru sai ki ga ƙasan ya yi ja jawur, wani lokaci har da ɗigon jini. Wurin da farin yake ma yana ba da labari. In a kan harshe kaɗai yake, galibi nono ne. In kin ɗaga leɓe kin gan shi a cikin leɓen, da cikin kumatu, da dasashi, da ganɗa, to kandida ce.

Akwai kuma wasu 'yan ƙananan ɗigo masu tauri, fari ko ruwan ɗorawa, kamar ƙwayar gero, da kan fito a tsakiyar ganɗa ko a dasashin sabon jariri. Waɗannan ba ciwo ba ne, suna ɓacewa da kansu cikin makonni. Kada a taɓa su, kada a kai wa wanzami.

Jaririn da aka yi wa magani sau biyu

Wata maijego ta zo mini da ɗanta mai mako shida, kakarsa na biye. Sun riga sun sha kwalba guda ta nistatin, wanda shi ne maganin da ya dace, amma bakin yana nan fari, har cikin kumatun dama ya yi ja yana tsattsafar jini. Yaron zai kama nono, ya tsotsa sau uku ko huɗu, ya saki ya fashe da kuka. Na tambayi abin da ya faru kafin farin ya fito. Ta ce ya yi mura mako biyu da suka wuce, aka sayo masa ruwan amokisilin a kemis ya sha kwana biyar. Nan na ga mafarin abin, domin maganin kashe ƙwayoyin bakteriya yana share har da masu amfani da ke baki, ya bar wa kandida fili. Mura kuwa da ma ba ta buƙatarsa.

Sai na ce ta nuna mini yadda take ba shi maganin. Ta ɗiga masa a tsakiyar harshe, ya haɗiye, ya ɓata fuska zai yi kuka, nan da nan ta sa masa nono don ya yi shiru. Na ce, "Maman yaro, kin ga inda aka samu matsala. Maganin nan bai yi ko minti ɗaya a bakinsa ba, nono ya wanke shi." Kakar ta ce ita kuma kullum da safe tana dirje masa bakin da tsumma don ta cire farin. Na ce, "Inna, Allah ya saka da alheri, kin yi don ya samu sauƙi. Amma jan nan da kike gani, dirzar ce ta kawo shi. Daga yau a bar wa magani."

Abin da ya kamata kowace uwa ta riƙe game da nistatin shi ne hanji ba ya tsotse shi zuwa jini. Ba irin maganin zazzaɓi ba ne da za a haɗiya ya zagaya jiki. Inda ya taɓa kaɗai yake aiki, kuma gwargwadon daɗewarsa a wurin gwargwadon amfaninsa. Wannan ne ma ya sa ba shi da haɗari ga jariri.

Ga yadda muka sake tsarawa. Ruwan nistatin da ake sayarwa yana ɗauke da yunit 100,000 a kowane mil ɗaya. Ana ba jariri mil 1 sau huɗu a rana, wasu likitocin kan rubuta mil 2 ga yaron da ya ɗan tasa, don haka a bi abin da aka rubuta. A fara shayar da yaro har ya ƙoshi, a ɗaga shi ya yi gyatsa. Sannan a wanke hannu, a girgiza kwalbar sosai domin maganin yana kwanciya a ƙasa. A auna da abin ɗigawar da ke cikin kwalin ko da sirinji marar allura. A riƙe yaron a ɗan tashe, ba a kwance ba. Rabin maganin a cikin kumatun dama, rabi a na hagu, kaɗan-kaɗan. Daga nan sai uwa ta sa ɗan yatsanta mai tsabta, wanda aka yanke wa farce, ta shafa maganin a kan kowane tabo, cikin leɓe na sama da na ƙasa, da harshe, da ganɗa. Bayan haka a yi ƙoƙari a yi kamar rabin awa ba a sa masa nono ba. Abin da ya sa ake fara ƙosar da shi ke nan.

Sau huɗun nan, na ce ta ɗaura su a kan lokutan da ba za ta manta ba: bayan asuba, bayan azahar, bayan magariba, da lokacin kwanciya. Cikin kwana biyu zuwa uku ya kamata a ga farin ya fara raguwa, yaro ya fara kama nono da kyau. A nan ne iyaye da yawa suke tsayawa, kuma kuskure ne. Ana yin kwana bakwai cur, kuma sai an ƙara kwana biyu bayan farin ya ɓace gaba ɗaya. A lura da lissafin kwalba: mil 1 sau huɗu na kwana bakwai mil 28 ne, don haka kwalbar mil 30 da ƙyar take kaiwa mako. In a rana ta bakwai akwai sauran fari, sai an sayi ta biyu.

Akwai wani maganin, mikonazol na baki, mai kauri kamar man shafawa, wanda yakan fi nistatin saurin aiki domin yana manne wa fatar baki. Amma kaurin nan nasa shi ne haɗarinsa. An samu jarirai da ya shaƙe su, shi ya sa kamfanin da ke yin sa bai yarda a ba yaron da bai kai wata huɗu ba, bakwaini kuwa sai ya ƙara wata ɗaya ko biyu a kan haka. Daga wata huɗu zuwa shekara biyu ana ba da mil 1.25 sau huɗu a rana bayan shayarwa, wato kwata na cokalin awon magani mai mil 5. Ba a zuba shi da cokali a baki. Ana lakato ɗan kaɗan a yatsa a shafa a gaban baki da kumatu, a sake lakatowa, har ya ƙare, kuma ba a kai shi kusa da maƙogwaro. Shi ana ci gaba da shi mako guda bayan tabon ya warke.

A ƙauyen da babu ko ɗaya daga cikin biyun, akwai jibi, shunayyan maganin nan da ake shafa wa gyambo. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da ƙananan yara ya amince da shi ga jarirai, amma a tsarme, mai ƙarfin kashi 0.25 cikin ɗari, a shafa sau huɗu a rana na kwana bakwai. In na kwalbar mai kashi 0.5 ne, a haɗa shi da tafasasshen ruwa daidai wa daida. In mai kashi 1 ne, awo ɗaya nasa, awo uku na ruwa. In aka shafa shi tsantsa yana ƙona fatar baki ya bar gyambo, kuma Kanada ta janye shi daga kasuwa a 2019 saboda fargabar alaƙarsa da sankara. Ni dai ba na waiwayarsa sai in babu yadda zan yi.

Zuma kuma a ajiye ta. Na san darajarta a wurinmu, amma ba a ba yaron da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗauke da wata ƙwaya da ke shanye jikin jariri har numfashinsa ya tsaya. Haka toka, kanwa da ruwan lemun tsami, duk ƙara raunata bakin suke yi.

Uwar, da kunzugu, da fida

Da na gama da bakin yaron sai na tambayi uwar lafiyar nononta. Ta sunkuyar da kai, sai da kakar ta fita sannan ta ce kan nonon biyu suna mata raɗaɗi kamar an zuba barkono, musamman bayan ya gama sha. Sun yi ja suna sheƙi. In haka ta kasance, uwa da ɗa suna ta miƙa wa juna ciwon ne, kuma in aka yi wa ɗaya magani aka bar ɗaya, aikin baban giwa aka yi. Na rubuta mata mikonazol na shafawa a fata, mai kashi 2 cikin ɗari, ta shafa ɗan kaɗan a kan nonon bayan kowace shayarwa har mako biyu, in akwai ragowa ta goge kafin ta sake ba shi. Kada ta shafa mikonazol na baki, mai kaurin nan, a nononta da nufin ya sha daga can, domin zai iya shaƙe shi. Ta riƙa barin nonon ya sha iska, ta canja rigar nono kullum, ta wanke da ruwan zafi ta shanya a rana. Shayarwa kuma ba a dakatar da ita.

Na kuma zauna na ga yadda yake kama nonon, domin yawancin ciwon kan nono daga mugun kamu yake, ba daga kandida ba. Yaron da ya cafki kan nonon kaɗai, bai haɗa da baƙin da ke kewaye ba, zai tsattsage uwarsa ko da bakinsa lafiya lau.

Muka buɗe kunzugu. Ɗuwawun ya yi ja sosai har cikin matsematsi, ga 'yan ƙananan jajayen ƙuraje sun watsu a gefe kamar an yayyafa. Kandidar da ya haɗiya ce ta bi hanji ta fito. Saɓar fitsari ta yau da kullum takan tsallake lungunan fata, wannan kuwa cikinsu take shiga. Maganinta kulotirimazol na shafawa mai kashi 1, sau biyu zuwa uku a rana, tare da yawan canja kunzugu da barin wurin a buɗe ya sha iska. A yi hattara da mayukan kemis masu haɗin magani uku a bututu ɗaya. Akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu, ja zai lafa kwana biyu, sannan ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Duk abin da ke shiga bakin yaro, kan fida ne, robar tsotso ce, cokali ne, a wanke a tafasa minti goma kullum har a gama magani. Kan fidar da ya tsufa ya tsattsage, a jefar. In ana ba shi tatsattsen nono, ƙaramin kofi ya fi fida sauƙin tsabtacewa.

Sun dawo bayan kwana tara. Bakin ya koma ja mai kyau, yaron yana sha har ya yi barci a ƙirjinta.

Amma akwai lokacin da ba a zama gida ana ɗiga magani. Jaririn da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi nono gaba ɗaya, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya yini bai jiƙa kunzugu ba, ko yana numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, asibiti za a nufa a ranar. In an yi mako guda ana ba da magani daidai babu sauƙi, likita zai iya komawa ga ruwan fulukonazol, wanda ake aunawa da nauyin yaro. In kuma farin yana tafiya yana dawowa bayan yaro ya wuce wata biyu, ko ba ya ƙara nauyi, ko yana yawan gudawa, to a auna shi don tamowa, a kuma yi wa uwa da ɗa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Na san maganar tana da nauyi a faɗa wa maijego. Ina faɗa ne domin yaron da aka gano da wuri aka ɗora shi a kan magani yana rayuwa ya girma, wanda aka yi wa kara kuwa sau da yawa ba ya kaiwa shekara biyu.

Mai asma da ya ajiye inhelarsa

Wani malamin firamare ne, ya haura hamsin, kullum yana tafiya makaranta a babur. Da hunturu ya kama ƙura ta tashi, asmarsa ta motsa, likitansa ya ƙara masa inhelar sitiroyid mai suna bekulometazon zuwa fesa biyu safe biyu dare, kowace fesa maikurogiram 250, wato 1,000 a rana. Bayan kamar wata guda bakinsa ya fara zafi, yaji ba ya ciyuwa, shayi ba ɗanɗano, yana jin kamar an cusa masa auduga. Ya duba madubi ya ga fari a ganɗa da can ciki. Ya gane daga inhelar ne, kuma ya yi gaskiya. Sai ya ajiye ta. Kwana goma bayan haka aka kawo shi da dare yana haki, ya kusa ƙarar da ɗaya inhelar tasa, shuɗiya mai buɗe ƙirji.

Wannan shi ne abin da na fi tsoro a wannan ciwo, kuma shi nake fara faɗa wa kowa. Farin baki yana da ciwo amma ana maganinsa cikin mako guda. Asmar da aka cire mata sitiroyid tana iya kisa. Ba a daina shaƙa don baki ya yi fari.

Inhela iri biyu ce, kuma mutane suna rikita su. Mai buɗe ƙirji nan take, salbutamol, wadda aka fi sani da Bentolin, galibi shuɗiya, ba ta da sitiroyid kuma ba ta kawo wannan ciwo. Ta rigakafi da ake shaƙa kullum, mai ɗauke da bekulometazon ko budesonid ko fulutikazon, ita kaɗai ko a haɗe da wani magani, ita ce mai kawo shi. In aka fesa ta kai tsaye a baki, maganin yana fitowa da gudu, mafi yawansa ya bugi harshe da bayan maƙogwaro ya zauna, kaɗan ne yake isa huhu.

Da numfashinsa ya daidaita na ce, "Malam, nuna mini yadda kake shaƙa." Ya sa a baki ya danna sau biyu a jere, ya ja iska da ƙarfi, ya furzar nan take. Ta dare kuwa, ya ce a bakin gado yake ajiye ta, yana fesawa sai ya juya ya kwanta. Ke nan maganin yana kwana a bakinsa har asuba, ga shi miyau yana raguwa a barci, ga bushewar hunturu.

Kafin in zaɓar masa magani na yi tambayoyi uku. Yana shan warfarin, maganin tsinka jini? Yana shan ƙwayar ciwon suga irin gilibenkilamid? Yana shan simbastatin na rage kitsen jini? Dalili shi ne mikonazol na baki, duk da shafa shi ake yi, yana shiga jini, kuma haɗuwarsa da warfarin tana jawo zubar jini mai haɗari, da ƙwayar suga yana iya faɗar da suga ƙasa warwas, da simbastatin yana iya lalata tsoka. Fulukonazol ma yana da irin wannan matsala da su. Mai shan ɗaya daga cikinsu, nistatin ne nasa. Malam ba ya shan ko ɗaya, sai na ba shi mikonazol, mil 2.5, rabin cokalin awo, sau huɗu a rana bayan abinci. Zai shafa da yatsa a kan tabon, ya riƙe a baki gwargwadon iyawarsa kafin ya haɗiye, ya yi rabin awa bai ci bai sha ba, ya kuma ci gaba mako guda bayan ya warke.

Babban da aka ba nistatin haka zai yi, ya guntsa, ya zagaya da shi ko'ina a baki na 'yan mintuna, sannan ya haɗiye don ya bi ta maƙogwaro. Awon da likitoci ke rubuta wa manya ya kama daga mil 1 har zuwa mil 4 ko 6, sau huɗu a rana, kwana bakwai zuwa sha huɗu. In tabon ya yi yawa, ko ya yi can ciki inda yatsa ba ya kaiwa, ko an gwada waɗannan ba su yi ba, sai a koma ƙwayar fulukonazol, miligiram 50 zuwa 200 sau ɗaya a rana gwargwadon tsananin ciwon, na mako ɗaya zuwa biyu. Wannan sai da takardar likita, kuma mai juna biyu ta faɗa kafin a rubuta mata. Ƙwaya ɗaya tak mai miligiram 150 da ake sayar wa mata a kemis ba ita ce hanyar maganin wannan ba.

Tsarin lokaci yana da muhimmanci: a fara shaƙar inhela, a kurkure baki, sannan a sa maganin kandida. In aka juya, kurkurar za ta tafi da maganin.

Toshe hanyar dawowarsa

Abu na farko sifesa ce, bututun roba da ake sa inhela a gindinsa a shaƙa ta ɗaya bakin. Feshin yana rage gudu a ciki, manyan ɗigon suna manne wa bango maimakon harshe, ƙananan su wuce huhu. A girgiza inhela, a sa ta, a fitar da numfashi, a kama bakin sifesa da leɓe gam, a danna sau ɗaya tak, a ja iska a hankali har ƙirji ya cika, a riƙe kamar daƙiƙa goma. Wanda ba zai iya riƙewa ba ya yi numfashi huɗu ko biyar a ciki. A jira rabin minti, a sake girgizawa, sannan fesa ta biyu.

Malam bai samu sifesa a garinsu ba, sai muka yi masa da gorar roba mai mil 500. An huda gindinta daidai girman bakin inhelar yadda zai shiga ya matse ba iska, shi kuma ya shaƙa ta bakin gorar. Ba dabarar banza ba ce. Likitar yara Heather Zar da abokan aikinta a Cape Town ta Afirka ta Kudu sun gwada ta a 1999 ga yara masu asma da maganin buɗe ƙirji, suka ga ta yi aiki kamar ta kanti. Ko gora ce ko ta kanti, a wanke ta da ruwan sabulun wanke-wanke kafin a fara amfani da ita, sannan kamar sau ɗaya a wata, a kife ta ta bushe da kanta. In aka goge cikinta da tsumma, robar tana janye maganin ya manne. Inhela mai gari, wadda ake murɗawa ko a zuge a ja da ƙarfin numfashi, ba a sa mata sifesa, don haka mai ita kurkura ce kaɗai kariyarsa.

Kurkurar kuwa na ce masa ya haɗa ta da abin da ba ya tsallakewa. Ya ɗauke inhelar daga bakin gado ya ajiye kusa da butarsa. Ya shaƙa kafin alwalar asuba da ta isha'i, ya yi aswaki ko buroshi, ya kurkure baki, ya ƙara da ɗaga kai ruwan ya kai maƙogwaro, ya tofar. Tofarwar wajibi ce, ba a haɗiye ruwan. Da azumi ma tsarin yana tafiya, sau ɗaya da sahur sau ɗaya bayan buɗa baki. Yaro mai asma da ke shaƙa ta abin rufe hanci da baki, a goge masa fuska a ba shi ruwa ya sha. Mai haƙoran roba ya riƙa cire su da dare, ya wanke, ya jiƙa a ruwan maganin da likitan haƙori ya nuna masa, domin kandida tana ɓuya a jikinsu. Mai shan taba kuma, hayaƙin yana ciyar da ciwon baki da na ƙirji gaba ɗaya.

Ko da dalili a fili yake, na yi wa Malam gwajin suga da na cuta mai karya garkuwa, duk suka fito lafiya. Ina yin haka ga duk babban da ciwon ya yi masa yawa ko ya dawo, domin na sha gano ciwon suga ta wannan ƙofa. Akwai kuma alamun da ke nuna abin ya wuce baki. In haɗiya tana ciwo a bayan ƙashin ƙirji, ko abinci yana tsayawa, kandidar ta sauka cikin maƙoshi, kuma shafe-shafe ba zai kai can ba, sai fulukonazol mai yawa na mako biyu zuwa uku da bincike. Farin tabon da ba ya goguwa sam, bai motsa ba bayan mako biyu na magani, ko gyambon baki da ya wuce mako uku, musamman ga mai taba, a kai wa likitan haƙori ko na maƙogwaro ya duba, domin sankarar baki tana iya farawa haka. Wani kuma ba zai ga fari ko kaɗan ba, sai ja da raɗaɗi a harshe da tsagewar gefen baki, kuma duk kandida ce.

Bakin Malam ya warke a kwana shida. Muryarsa ce ta ɗauki makonni, kuma na gaya masa tun farko kada ya zaci maganin ne ya gaza, domin sitiroyid yana iya dishe murya da kansa ko babu kandida, ga shi yana yini yana ɗaga murya a aji. Da sifesa maganin ya riƙa isa huhunsa fiye da dā, har ya kwana biyu bai nemi shuɗiyar ba. Bayan wata uku ƙirjinsa na lafiya, hunturu ya wuce, likitansa ya rage masa zuwa fesa ɗaya safe ɗaya dare, ya ce ya dawo kafin ƙura ta sake tashi a sake duba awon.